Dariba a kan ishtirakin intanet: tambayoyi da amsoshi ga mai sayarwa daga Saudiyya zuwa ƙasashe da yawa

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan'uwanmu masu ƙananan mu'assasa a Jidda, Makka da Madina suke yawan kawowa, musamman masu manhajar karatu, darussan bidiyo ko mujallar da ake biya wata-wata. Domin zancen ya tafi a kan layi ɗaya, za mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: wata mu'assasa a Jidda mai sijil tijari, tana sayar da manhajar koyon Larabci ga masu jin Hausa, kuɗin ishtirakin wata riyal 40 kafin haraji. Masu saye suna nan cikin Mamlaka, wasu suna Kano, wasu Dubai, wasu Landan, wasu Italiya.

Mu'assasata tana Jidda. Ba kashi 15 zan ɗora wa kowa ba?

A'a. A nan ne mafi yawan kuskure yake farawa. Harajin VAT, wanda muke kira dariba a nan, haraji ne na wanda ya amfana da abu, kuma a hidimar da ake bayarwa ta intanet ana bin inda mai amfani yake zaune, ba inda mai sayarwa ya buɗe ofis ba. Kashi 15 na Saudiyya yana hawa kan ishtirakin da ake amfani da shi a cikin Saudiyya. Ya fara ne da kashi 5 a ranar 1 ga Janairun 2018, aka ɗaga shi zuwa 15 daga 1 ga Yulin 2020, kuma hukumar zakka da haraji da kwastam, wato ZATCA, ita ke karɓarsa.

Mai saye da ke Kano yana ƙarƙashin dokar Najeriya, inda harajin yake kashi 7.5. Na Dubai kashi 5, na Landan kashi 20, na Italiya kashi 22. Saboda haka riyal 40 ɗin nan ɗaya yana fitowa da fuska biyar: riyal 46 a Jidda, 43 a Kano, 42 a Dubai, 48 a Landan, 48.80 a Milan. Kowane ƙari na hukumar ƙasar mai saye ne. Idan ka karɓi kashi 15 daga mutumin Landan ka miƙa wa ZATCA, ka biya wanda ba ya binka, kuma hukumar Birtaniya tana nan tana binka nata.

Ta yaya zan san inda mai saye yake, tun da ban gan shi ba?

Ba fasfo ake dubawa ba, mazauni ake dubawa. Ƙa'idojin zartar da dokar dariba na Saudiyya, a sashe na 24, sun lissafa abubuwan da mai sayarwa zai dogara da su: adireshin da mai saye ya bayar don fatura, bayanan bankinsa, adireshin IP da yake shiga intanet da shi, da lambar ƙasa ta layin wayarsa. Tarayyar Turai tana da tsari mai kama da wannan, kuma asalin ƙa'idarta ita ce a samu hujjoji biyu da ba su saɓa wa juna ba.

Ga yadda abin yake zuwa a aikace. Ɗalibi ɗan Najeriya a Jami'ar Musulunci ta Madina, yana da ikama, ya biya da katin mada, lambar wayarsa ta fara da 966. Wannan mazaunin Saudiyya ne, riyal 46 zai biya, ko da sunansa Ɗanladi kuma fasfonsa kore ne.

Sai kuma alhajin da ya zo Umara daga Zariya, ya ga tallan manhajar a masaukinsa kusa da Harami, ya yi rajista a kan wayifai na otal. Adireshin IP ya ce Makka. Amma katinsa na bankin Najeriya ne, layinsa ya fara da 234, adireshin da ya rubuta na Zariya ne. Hujja uku sun rinjayi ɗaya, kuma nan da mako biyu zai koma gida ya ci gaba da karatunsa a can. Mazauninsa Najeriya ne. A lokacin Hajji da azumi irin wannan yana yawaita sosai, don haka manhajar da ke yanke hukunci da adireshin IP kaɗai za ta riƙa ɗora wa baƙin Allah harajin da ba nasu ba.

Abin da nake gani ya fi dacewa shi ne a tambayi ƙasar zama a shafin biya, a kwatanta ta da ƙasar katin da kuma ƙasar IP, a adana duka ukun tare da ranar sayen. Idan biyu sun dace, a bi su. Idan ukun sun watse, a nemi lambar waya a tabbatar da ita da saƙo.

Yayana a Jidda ne yake biya mini da katinsa, ni kuwa ina Gadarif. Wace ƙasa ce tawa?

Wannan yana faruwa da yawa tsakanin danginmu na Sudan, inda biyan kuɗi zuwa waje ya yi wuya tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Mai sayarwa yana aiki ne da hujjar da ke hannunsa. Idan yayanka ya buɗe asusun da sunansa, da katinsa, da lambarsa, komai ya nuna Saudiyya, kuma kashi 15 zai hau. Idan kai ka buɗe asusun da adireshinka da layinka na Sudan, kana shiga kullum daga can, katin kaɗai ne na Jidda, to mai sayarwa yana da abin da zai nuna cewa amfanin a wajen Mamlaka ake yi. Mai sayarwa da bai adana waɗannan bayanai ba ba shi da abin kare kansa ranar da aka zo bincike, kuma harajin zai fita daga aljihunsa.

Yaushe rajista take zama dole?

A Saudiyya, mazauni yana yin rajista idan cinikinsa mai hawa haraji ya wuce riyal 375,000 a wata goma sha biyu. Daga riyal 187,500 yana iya yi da ganin damarsa. Mu'assasarmu tana da masu ishtiraki 1,000 a cikin Mamlaka, wato riyal 480,000 a shekara, don haka ta wuce iyaka. Rashin yin rajista a kan lokaci tararsa riyal 10,000 ce. Wanda bai yi rajista ba kuwa ba shi da ikon ɗora dariba a fatura ko kaɗan.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne wannan rangwame na ƙaramin ɗan kasuwa ba ya binka zuwa ƙetare. A Birtaniya, baƙon mai sayarwa da ba shi da mazauni a can ba shi da iyakar da zai fake a ƙarƙashinta: daga mai saye na farko da ba kamfani ba, rajista ta hau kansa. Haka Tarayyar Turai. Iyakar yuro 10,000 da ake yawan ambata ta masu zama a cikin Tarayyar ce, ba ta mai sayarwa daga Jidda ba. Imarat ma ba ta ba wa baƙo iyaka. Najeriya ta fara karɓar wannan haraji ta hannun masu sayarwa na waje daga Janairun 2022, kuma jagorar da hukumar harajinta ta fitar a 2021 ta sa iyakar dala 25,000 a shekara. An yi wa dokokin harajin Najeriya garambawul a 2025, saboda haka duk wanda cinikinsa a can ya fara kauri ya sa muhasibinsa ya duba nassin da ke aiki a ranar.

Ke nan sai na yi rajista a ƙasashen Turai 27 ɗaya bayan ɗaya?

Ba sai ka yi ba. Akwai tsarin OSS, wanda ya fara aiki a sifarsa ta yanzu ranar 1 ga Yulin 2021. Mai sayarwa daga wajen Tarayyar yana zaɓar ƙasa ɗaya ya yi rajista, a ba shi lamba mai farawa da EU. Duk wata uku yana cike takarda ɗaya, ya nuna abin da ya sayar a kowace ƙasa da kason ƙasar, Jamus 19, Faransa 20, Italiya 22, ya biya dunƙule, su raba a tsakaninsu. Bayanan ana adana su shekara 10. Birtaniya ba ta cikin wannan tsari tun bayan ficewarta, rajistarta daban take.

Ƙasashen Khalij ba su da irin wannan ƙofa ɗaya tukuna. Imarat da Oman kashi 5, Baharain kashi 10 tun farkon 2022, kowace da rajistarta.

Me ya kamata ya fito a faturar mai saye na cikin Saudiyya?

Fatura iri biyu ce. Mutum mai saye don kansa ana ba shi fatura mai sauƙi, wadda ake kira mubassaɗa. Dole ta nuna ranar fitarwa, sunan mu'assasa da adireshinta, lambar daribarta mai alƙaluma 15 da ke farawa da 3 ta ƙare da 3, bayanin abin da aka saya, jimillar kuɗi, adadin harajin, da alamar QR. A misalinmu za a ga ishtirakin wata ɗaya riyal 40.00, dariba kashi 15 riyal 6.00, jimilla riyal 46.00. Yana da kyau a rubuta ranar da watan ya fara da ranar da zai ƙare, domin shi ne ke raba gardama idan an zo mayar da kuɗi.

Idan mai sayen kamfani ne ko makaranta mai rajista, cikakkiyar fatura ake ba shi, mai ɗauke da sunansa, adireshinsa da lambar daribarsa, domin da ita zai cire harajin daga nasa lissafin.

Dukansu biyu dole su kasance da Larabci. Za ka iya ƙara Hausa ko Turanci a gefe, kuma ga masu sayenmu hakan alheri ne, amma Larabcin ba ya faɗuwa. Takardar da ƙofar biya irin su Moyasar ko HyperPay take turawa cewa kuɗi sun shiga shaidar biya ce kawai, ba ta tsaya a matsayin fatura ba.

Mene ne Fatoora, kuma ya shafe ni?

Idan kana zaune a Mamlaka kuma kana da rajistar dariba, ya shafe ka. Tsarin faturar lantarki ne na ZATCA. Zangon farko ya fara ranar 4 ga Disambar 2021: daga ranar an daina fatura ta hannu ko wadda aka tsara a Word, sai ta fito daga manhajar da ta cika sharuɗɗa. Zango na biyu ya fara 1 ga Janairun 2023, ana shigar da 'yan kasuwa rukuni-rukuni gwargwadon girman cinikinsu, kuma hukumar tana sanar da kowane rukuni tun kafin lokacinsa. A wannan zango manhajarka tana haɗe da ta hukuma. Cikakkiyar fatura sai hukuma ta amince da ita kafin ta isa hannun mai saye, mai sauƙin kuma ana kai rahotonta cikin awa 24.

Ga mai ishtiraki wannan yana nufin kowane sabuntawa fatura ce sabuwa. Mutum 1,000 da katinsu ke cirewa da kansa kowane wata, fatura 1,000 ke nan a wata, da dare ko da rana. Ba aikin da ma'aikaci zai zauna ya yi da hannu ba ne. Hanya mafi sauƙi ta gane ko abin yana tafiya daidai ita ce ka ɗauki fatura ɗaya ka karanta alamar QR ɗinta da manhajar ZATCA ta waya. Ya kamata ka ga sunan mu'assasarka, lambar daribarka, rana da lokaci, 46.00 da 6.00. Idan alamar ta buɗe maka shafin intanet kawai, ba ita ce ake nufi ba.

To faturar mai saye na ƙetare fa? Sifili zan rubuta?

Nan akwai bambancin da ya cancanci a tsaya a kansa. A tsarin Fatoora kowane layi yana da harafin da ke nuna matsayinsa: `S` ga mai kashi 15, `Z` ga mai kashi sifili, `E` ga wanda aka yafe, `O` ga wanda yake wajen hurumin harajin. Hidimar da ka yi wa wanda ba mazauni ba, kamar shawara ko fassara, tana iya shiga sashe na 33 na ƙa'idojin zartarwa ta zama mai kashi sifili idan sharuɗɗan sun cika. Amma hidimar lantarki tana da ƙa'idarta ta musamman: wurin da aka bayar da ita shi ne wurin da aka amfana. Idan an amfana a Kano, ba a Saudiyya aka bayar da ita ba tun asali, don haka tana wajen hurumi. Mai saye ba zai ga bambanci ba, tun da a duka biyun babu halala ɗaya ta daribar Saudiyya. Bambancin yana bayyana ne a takardar da kake miƙa wa hukuma, kuma abu ne da ya kamata kai da muhasibinka ku tsayar a rubuce sau ɗaya, manhajar ta riƙa binsa.

Abin da ba a yi ko kusa shi ne zuba harajin wata ƙasa a gurbin daribar Saudiyya. Riyal 8 na mutumin Landan idan ya shiga wannan gurbi, lissafin hukuma zai nuna ka karɓi dariba da ba ka miƙa ba, kuma kason da ya fito, 20, ba ya cikin dokar nan. Takardar mutumin Landan ta nuna farashi 40, harajin Birtaniya kashi 20 da sunansa, jimilla 48, da lambar rajistarka ta Birtaniya mai farawa da GB. Ta mutumin Milan ta nuna kashi 22 na Italiya. Kowane haraji da sunan ƙasarsa da asusunsa daban a littafinka.

Wata makaranta a Jamus ta sayi ishtirakin wata na mutum 30. In ɗora mata kashi 19?

Idan ta ba ka lambar VAT tata kuma ka tabbatar da ita a shafin VIES na Tarayyar Turai, ba ka ɗora komai. Ita ce za ta lissafa wa kanta harajin a ƙasarta. Faturar ta nuna riyal 1,200, lambar makarantar, da kalmomin `Reverse charge`. Ka adana shaidar binciken da ranarsa. Idan ba ta da lamba, ko lambar ba ta fito ba, ka ɗauke ta kamar kowane mai saye, ka ɗora kashi 19, wato riyal 228.

Wannan tsari yana aiki a kanka ma. Idan mu'assasarka mai rajista ta biya kamfanin waje kuɗin ajiye manhaja, faturarsa za ta zo babu dariba muddin ka shigar da lambarka a asusunka. Kai ne za ka lissafa kashi 15 a takardarka, wanda muhasibai ke kira ihtisabul aksi. Mutane da yawa ba sa shigar da lambar, sai a riƙa cajinsu kamar masu saye don kansu.

Ina son farashi ɗaya a ko'ina, riyal 46. Yana yiwuwa?

Yana yiwuwa, kuma a cikin Saudiyya ma farashin da aka nuna wa jama'a dole ya haɗa da dariba. Sai dai abin da zai rage maka zai bambanta. Ana ciro harajin daga cikin jimilla kamar haka:

```
haraji = jimilla × kaso ÷ (100 + kaso)
```

A Jidda 46 sau 15 raba 115 ya ba da riyal 6, ka tsira da 40. A Kano harajin 3.21 ne, ka tsira da 42.79. A Landan 7.67, saura 38.33. A Milan 8.30, saura 37.70. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki kashi 15 na 46 kai tsaye, a samu 6.90. Halala 90 ce ta yi yawa a kowace fatura, kuma a fatura 3,000 na wata uku riyal 2,700 ke nan da aka biya ba gaira ba dalili.

Idan kuma da dala kake sayarwa, faturar mai saye na Saudiyya za ta iya nuna dala, amma adadin daribar dole ya fito da riyal, bisa canjin Babban Bankin Saudiyya na ranar. Dala 20 da harajin dala 3, a kan 3.75, riyal 11.25 za a rubuta.

Wanda ya biya na shekara gaba ɗaya, zan raba harajin wata-wata?

A'a. Haraji yana wajaba ne da zarar ɗayan abu uku ya fara faruwa: an bayar da hidima, an fitar da fatura, ko an karɓi kuɗi. Wanda ya biya riyal 460 a watan Maris, wato 400 da dariba 60, duk riyal 60 ɗin suna shiga takardar wata ukun farko na shekara. Idan ya fasa bayan wata uku ka mayar masa da riyal 345, ba a goge tsohuwar fatura kuma ba a gyara ta. Ana fitar da ish'ar da'in, takardar ragi mai ambaton lambar faturar asali, ta nuna 300 da dariba 45. Da ita za ka rage riyal 45 a lokacin da aka mayar. Wanda ya tura kuɗin kawai bai fitar da takardar ba ya yi asarar harajin.

Idan ta App Store ko Google Play nake sayarwa fa?

A ƙasashe da dama kantin ne ake ɗauka a matsayin mai sayarwa ga mai amfani, shi ke karɓar harajin ya miƙa, shi ke fitar da rasit. A Tarayyar Turai haka dokar take. Amma ba ko'ina ba ne, kuma cinikin da mai manhaja ya yi a ƙasarsa ta zama wani lokaci hukuncinsa daban ne. Kowane kanti yana da jadawalin ƙasashe a shafin masu manhaja da ke nuna inda yake ɗaukar nauyin da inda ya bar maka. Ka karanta layin Saudiyya da kyau kafin ka ɗauka an sauke maka. Akwai kuma kamfanoni irin su Paddle da ke sayen hidimar daga gare ka su sayar da sunansu, su ɗauki rajistar ƙasashe a kansu, su cire kasonsu. Ga mai masu saye goma a Landan da bakwai a Italiya, wannan kaso sau da yawa ya fi arha a kan rajista biyu da kuɗin muhasibi.

A ƙarshen wata uku, nawa mu'assasar misalin za ta biya ZATCA?

Wanda cinikinsa bai wuce riyal miliyan 40 a shekara ba yana miƙa takarda duk wata uku, kuma wa'adinsa ƙarshen watan da ke biye. Na Janairu zuwa Maris ana miƙa shi a biya kafin Afrilu ya fita.

Masu ishtiraki 1,000 na cikin gida sun biya sau uku, ciniki riyal 120,000, dariba 18,000. Mu'assasar ta kashe riyal 20,000 a cikin gida a kan haya da ɗaukar bidiyo, ta biya dariba 3,000, kuma tana da cikakkun faturori da sunanta. Ta biya kamfanin waje riyal 8,000 na ajiye manhaja, ta lissafa wa kanta 1,200 ta kuma cire 1,200 a takarda ɗaya, ya tashi babu. Abin biya riyal 15,000. Kasancewar wasu masu sayenta a ƙetare suke bai hana ta cire 3,000 ɗin duka ba, domin hidimar da ta sayar musu da a nan aka sayar da ta hau haraji.

Harajin Landan, na Milan da na Dubai ba sa shiga wannan lissafi, kowanne yana da takardarsa da wa'adinsa. Jinkirin miƙa takardar Saudiyya tararsa daga kashi 5 zuwa 25 ne na harajin, jinkirin biya kuma kashi 5 a kowane wata. A dokar Saudiyya, faturori da hujjojin mazaunin masu saye ana ajiye su aƙalla shekara 6.